Layin da ke ratsa ɗigo-ɗigo: abin da yake faɗa da abin da ake ɗora masa

Duk wanda ya zuba jerin alƙaluma biyu a Excel, ya zaɓi `Scatter`, sannan ya danna `Add Trendline`, zai ga layi ya miƙe a tsakiyar ɗigo-ɗigon. Kwamfuta ba ta taɓa ƙin zana wannan layi ba. Ko alƙaluman suna da dangantaka ko ba su da ita, ko ɗigon takwas ne ko dubu takwas, za ta nemo layin da ya fi dacewa da su ta shimfiɗa shi. Idon mutum kuwa, da zarar ya ga layi ya hau ko ya gangara, sai ya haɗa labari nan take: wannan ne ya jawo wancan. A nan ne ake yin kuskuren, domin layin yana kwatanta mutane daban-daban ne da juna. Bai san abin da zai faru da mutum ɗaya ba idan aka canza masa wani abu. Tambayoyi ne guda biyu, kuma amsoshinsu suna iya saɓawa har su juya wa juna baya.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. Alƙaluman nan ni na tsara su don bayani, ba daga wata makaranta suka fito ba, kuma na taƙaita su domin mai karatu ya iya lissafa su da biro. A ce akwai ɗalibai takwas. An rubuta awa nawa kowanne yake yi a lesin a mako, da makin da ya samu a jarrabawar ƙarshen zango:

```
awa   0   1   2   3   4   5   6   7
maki  70  72  74  76  48  50  52  54
```

A zanen, kowane ɗalibi ɗigo ɗaya ne. Awannin lesin suna kan layin kwance, maki yana kan layin tsaye. Ɗalibin da ke yin awa 2 ya ci 74 zai zauna a inda 2 na ƙasa da 74 na gefe suka haɗu. Abu na farko da mai karanta irin wannan zane ya kamata ya tambaya shi ne: ɗigo ɗaya, mene ne shi? A nan ɗalibi ne. A wani zanen ƙasa ce, ko asibiti, ko shekara. Za mu ga daga baya cewa amsar wannan tambaya tana iya sauya ma'anar zanen gaba ɗaya.

Yadda layin ke samuwa

Hanyar da kwamfuta ke bi tsohuwa ce, Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta tun 1805. Ga kowane layi da za a iya zanawa, ana auna tazarar da ke tsakanin kowane ɗigo da layin, a tsaye. Sai a ninka kowace tazara da kanta, a tara su duka. Layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta, shi ne ake zanawa. Babu wani abu a cikin wannan lissafi da ya shafi dalili ko sanadi. Awo ne na kusanci kawai.

A misalinmu, matsakaicin awa 3.5 ne, matsakaicin maki kuma 62. Layin dole ya bi ta wannan mahaɗa, haka yake a ko da yaushe. Don samun gangarensa, wato yadda maki ke sauyawa a kan layin a kowace ƙarin awa ɗaya, sai a duba yadda kowane ɗalibi ya kauce wa matsakaici ta ɓangarorin biyu. Na farko yana ƙasa da matsakaicin awa da 3.5, yana sama da matsakaicin maki da 8. Idan aka ninka, an sami −28. Aka yi wa sauran haka, aka tara, jimilla ta zama −156. Sai a raba ta da 42, wato jimillar kaucewar awanni bayan an ninka kowace da kanta. Abin da ya fito shi ne −3.71. Wanda ba ya son wahalar hannu, idan awanni suna `A2:A9` maki kuma yana `B2:B9`, zai rubuta:

```
=SLOPE(B2:B9,A2:A9)
=INTERCEPT(B2:B9,A2:A9)
=CORREL(A2:A9,B2:B9)
```

Na farko zai ba shi −3.71, na biyu 75, na uku −0.76. Layin ke nan: `y = 75 − 3.71x`, inda `x` awanni ne, `y` kuma maki. Ya fara daga 75 a hagu, ya gangara zuwa 49 a dama. Lambar nan ta uku, wadda ake kira `r`, tana tsakanin −1 da +1 ne, tana nuna yadda ɗigon suka manne wa miƙaƙƙen layi. Sifili na nufin babu wani miƙaƙƙen tsari, −0.76 kuwa alaƙa ce mai ƙarfi a idon yawancin masu nazari.

To, me layin ya ce? Mai gaggawa zai ce: kowace awa ɗaya ta lesin tana rage wa yaro maki kusan huɗu. Shugaban makaranta ya ji haka, sai ya soke lesin. Amma abin da lissafin ya nuna shi ne wannan: a cikin ɗaliban nan takwas, idan ka ɗauki biyu da awanninsu suka bambanta da ɗaya, layin yana hasashen cewa wanda ya fi awa yana da ƙarancin maki da kusan 3.7. Jimlar farko tana magana a kan abin da zai faru idan an ƙara wa yaro awa. Ta biyu tana magana a kan yadda yaran da ake da su suka bambanta. Ba wanda aka ƙara wa awa a cikin alƙaluman nan, ba wanda aka rage wa. An tarar da kowa a inda yake, aka rubuta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna cewa layin bai san wane ne ya jawo wane ba. Juya zanen, ka sa maki a kwance, awanni a tsaye. Kwamfuta za ta sake zana layi ba tare da musu ba, gangarensa −0.155, kuma `r` zai tsaya a −0.76 ɗinsa. Yanzu mai gaggawa zai karanta cewa kowane maki goma da yaro ya rasa suna ƙara masa awa ɗaya da rabi na lesin. Alƙaluma iri ɗaya, labari ya juye. Wanda ya zana shi ne ya zaɓi abin da zai zauna a kwance, kuma al'adar sa abin da ake zaton shi ne sanadi a can ita ce ke sa mai kallo ya ɗauka an riga an tabbatar. Wani abin sha'awa ma, labarin na biyu ya fi kusa da gaskiya a nan.

Inda ɗigon suka tona asirin layin

Mafi yawan mutane layin suke kallo, su manta da ɗigon, alhali labarin yana wurin ɗigon. Dabarar ita ce a duba kowane ɗigo a ga nawa ya yi sama ko ƙasa da layi. Ɗalibi mai awa 0, layi ya yi masa hasashen 75, ya ci 70, yana ƙasa da 5. Mai awa 1 yana kan layin kusan daidai. Mai awa 2 yana sama da kusan 6, mai awa 3 yana sama da 12. Sai kwatsam mai awa 4 ya faɗo ƙasa da layi da 12, daga nan kuma a sake hawa: ƙasa da 6, kusan daidai, sama da 5.

Idan layi ya dace da alƙaluma, waɗannan tazarori suna warwatse ne, wani sama wani ƙasa, ba tare da tsari ba. A nan kuwa akwai tsari ƙarara: hawa, faɗuwa, sake hawa. Kuma a tsakiyar zanen, tsakanin maki 54 da 70, babu ɗalibi ko ɗaya, duk da cewa fiye da rabin tsawon layin ta nan ya bi. Layi ya yi hasashen 62 ga matsakaicin ɗalibi, amma ba wanda ya ci kusa da 62. Duk lokacin da ka ga ɗigo sun taru gungu biyu, layi kuma ya zama gada a tsakaninsu, to gangaren layin bambancin gungun biyu yake aunawa.

Sai a tambaya: su wane ne waɗannan gungu? A ce mun koma rijista mun duba sakamakon zangon da ya gabata, muka tarar huɗun farko dama can suna cikin na gaba a aji, huɗun ƙarshe kuma su ne malamai suka ga suna baya suka ce a ƙara musu lesin. Yanzu a zana wa kowane gungu layinsa. A na farko, maki yana tafiya 70, 72, 74, 76: kowace awa da ƙarin maki 2. A na biyu, 48, 50, 52, 54: nan ma ƙarin maki 2. Layuka biyu masu hawa, amma da aka haɗe su sai suka haifi layi ɗaya mai gangara. Masana ƙididdiga suna danganta wannan juyi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, ko da yake an lura da shi tun kafin nan.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Akwai abu na uku da ba ya cikin zanen, wato matsayin yaro tun kafin lesin. Shi ne ya sa aka tura wasu lesin mai yawa, shi ne kuma ya sa makinsu ya yi ƙasa. Awanni da maki duk ’ya’yansa ne, shi ya sa suka yi kama da masu jan juna. Irin wannan yana da yawa a duk inda ake ba da taimako ga wanda ya fi buƙata. Marasa lafiyar da suka fi shan magani su ne suka fi jin jiki. Gobarar da aka tura wa ’yan kwana-kwana da yawa ita ce ta fi ɓarna, don babba ce tun farko. A duk waɗannan, layi zai nuna kamar taimakon ne ke cutarwa.

Yanzu kuma ga tarko na biyu, kuma na ga ya fi kama masu ilimi fiye da na farko. Da zarar an raba gungun aka ga +2, sai a ce to an gano gaskiya, lesin yana ƙara maki biyu a kowace awa. Ba haka ba ne. Mun cire abu na uku guda ɗaya ne kawai, wanda muka yi sa'ar samun alƙalumansa. A cikin kowane gungu, wa ya san ko yaran da suka fi zuwa lesin su ne dama suka fi naci, waɗanda ko ba lesin za su zauna su yi bita? Ko su ne waɗanda ba su da wani aiki bayan an tashi, suna samun barci da hutu? Layin +2 kwatanci ne shi ma, sai dai tsakanin yaran da suka fi kama da juna. Ya fi na farko kusa da amsa, wannan gaskiya ne, amma har yanzu ba wanda ya canza wa wani yaro awanninsa ya ga sakamako. Ana iya cire abin da aka auna. Abin da ba a auna ba yana nan a cikin gangaren, kuma babu wata alama a zanen da za ta nuna girmansa.

Lambar `R²` da Excel ke bugawa kusa da layi idan an zaɓi `Display R-squared value on chart` ita ma tana yaudara. A misalinmu 0.575 ce. Za ka ji ana cewa awannin lesin sun bayyana kashi 57 cikin ɗari na bambancin maki, mai sauraro kuma ya fahimta cewa lesin ne ya haddasa fiye da rabin bambancin. Abin da lambar ke nufi ya fi haka sauƙi: idan ka yi amfani da layin wajen hasashen maki maimakon ka ce kowa zai ci 62, jimillar kuskurenka da aka ninka za ta ragu da wannan kaso. Lamba ce ta ingancin hasashe. Mun riga mun ga layin da ke da ita ya nuna kishiyar abin da ke faruwa a cikin kowane gungu.

Francis Anscombe ya nuna iyakar waɗannan lambobi a 1973 da jerin alƙaluma huɗu, kowanne mai ɗigo 11. Dukansu layinsu ɗaya ne, `y = 3 + 0.5x`, kuma `r` ɗinsu kusan 0.82. Amma da aka zana su, ɗaya ne kawai ya yi kama da abin da ake zato. Wani baka ne mai lanƙwasa, wani kuma ɗigo goma suna tsaye a wuri ɗaya, ɗigo guda can nesa shi kaɗai ya ja layin. Don haka idan aka ba ka layi da lamba ba tare da ɗigon ba, ka nemi a nuna maka su.

Kada kuma a ja layin ya wuce inda ɗigon suka tsaya. Namu ya ƙare a awa 7. Wanda ya sa 20 a cikin lissafin zai sami maki ƙasa da ɗaya, wanda ba shi da ma'ana.

Idan ɗigon ƙasashe ne ko jihohi

Mu koma tambayar da aka ajiye: ɗigo ɗaya mene ne? Yawancin zane-zanen da ke yawo a jaridu, ɗigonsu ƙasashe ne ko jihohi, amma hukuncin da ake yankewa a kan mutane ne. William Robinson ya fito da haɗarin haka a 1950, da alƙaluman ƙidayar Amurka ta 1930. Ya ɗauki jihohi 48, ya kwatanta yawan waɗanda aka haifa a ƙasashen waje da yawan waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. A matakin jiha, inda baƙi suka fi yawa, rashin iya karatu ya fi ƙaranci, `r` kusan −0.53. Mai kallon layin zai ce baƙin sun fi ’yan ƙasa iya karatu. Da ya duba mutum ɗaya-ɗaya, sai alaƙar ta juya zuwa kusan +0.12: baƙin sun ɗan fi ’yan ƙasa rashin iya karatu. Dalili shi ne baƙi sun fi sauka a jihohin da ’yan ƙasar da ke cikinsu suka fi ilimi. Layin jihohi bai yi ƙarya a kan jihohi ba. Wanda ya ɗauke shi ya ɗora wa mutane ne ya yi kuskure, tun kafin ma a zo maganar sanadi.

To layin ba shi da amfani ke nan?

Yana da shi, kuma ina ganin masu maimaita cewa alaƙa ba sanadi ba ce sukan wuce gona da iri, har su mai da ita hanyar watsi da duk alƙaluman da ba su yi musu daɗi ba. Layi yana yin hasashe, muddin yanayin da ya haifar da alƙaluman bai canza ba. Idan sabon malami ya ji cewa wani yaro yana yin awa 6 a lesin, ya yi zaton makinsa yana kusa da 50, zatonsa zai fi na wanda bai san komai ba. Hasashen zai rushe ne a ranar da aka taɓa tsarin, misali aka ce kowa ya yi awa 6. Daga ranar, yawan awa ya daina zama alamar cewa yaro yana baya.

Shi ya sa yadda ake rubuta bayanin zane yake da muhimmanci. Kalmomi irin su "yana ƙara", "yana rage", "yana jawo", "saboda", "tasirin", duk da'awar sanadi ce, ko marubuci ya yi nufi ko bai yi ba. Jimla mai gaskiya a kan zanenmu za ta ce: "A cikin ɗalibai takwas na wannan zango, waɗanda suka fi yawan awannin lesin sun fi ƙarancin maki, da kusan maki 3.7 a kowace awa. Amma idan aka kwatanta ɗaliban da matsayinsu na baya ya yi daidai, masu ƙarin awa sun fi da maki 2 a kowace awa. Malamai ne suka zaɓi waɗanda za su yi lesin mai yawa, don haka alƙaluman ba su nuna abin da ƙarin awa zai yi wa ɗalibi ba." Ta yi tsawo, ba ta da armashin kanun labari, amma ta faɗi su wane ne, nawa ne, yaushe, da kuma yadda aka yi kowa ya tsinci kansa a inda ɗigonsa yake. Wannan na ƙarshe shi ne tambayar da ta fi kowace amfani a gaban irin wannan zane: wa ya yanke shawarar inda kowane ɗigo zai zauna a layin kwance, kuma da wane dalili?

Hanyar da ta fi tsafta ta kai wa ga sanadi ita ce a ƙwace wannan shawara daga hannun kowa a miƙa wa ƙuri'a. A ɗauki ɗalibai masu yawa, a jefa ƙuri'a, wasu su sami awa biyu, wasu huɗu, ba ruwan ƙuri'a da ƙoƙarin yaro ko nacinsa ko gidansu. Idan yawansu ya isa, masu naci da marasa naci za su rabu kusan daidai a ɓangarorin biyu, har da halayen da ba wanda ya yi tunanin aunawa. Bambancin maki da ya rage, idan ya fi abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, na lesin ne.

Likitoci sun ga bambancin hanyoyin nan biyu a aikace. Shekaru da dama binciken da ke bin diddigin mata yana nuna cewa waɗanda ke shan maganin maye gurbin sinadaran jiki bayan ɗaukewar al'ada sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Masu binciken ba ’yan koyo ba ne, sun cire abubuwa na uku da yawa a lissafinsu. Sai aka yi babban gwaji da ƙuri'a a Amurka, mai suna Women's Health Initiative. A 2002 aka dakatar da ɓangaren da ke gwada haɗin sinadarai biyu a kan mata sama da 16,000 kafin lokacinsa, kuma ciwon zuciya bai ragu ba a masu shan maganin, ya ma ɗan ƙaru. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne matan da ke karɓar maganin a da sun fi sauran lafiya da hali da zuwa asibiti tun asali.

Amma ba komai ake jefa wa ƙuri'a ba. Ba wanda zai tilasta wa mutane dubu shan taba na shekara talatin don ya gani. Duk da haka an tabbatar cewa taba tana haddasa kansar huhu, kuma yadda aka kai ga hakan yana nuna abin da ake buƙata bayan layi. Richard Doll da Austin Bradford Hill sun wallafa bincikensu a 1950, sannan daga 1951 suka fara bin likitocin Birtaniya shekara da shekaru. Ronald Fisher, wanda yana cikin manyan masana ƙididdiga na ƙarnin, ya ƙi yarda. Ya ce wataƙila akwai wani abu na gado da ke sa mutum son taba, yana kuma sa shi kamuwa da cutar. Wato hujjar abu na uku, irin wadda muka yi amfani da ita a kan lesin.

Ba a amsa masa da ƙarin layuka ba. An tara shaidu ne daga fuskoki daban-daban: shan taba yana gabatar cutar da shekaru, wanda ya fi sha ya fi haɗari, wanda ya daina haɗarinsa yana raguwa, sakamakon yana maimaituwa a ƙasashe daban-daban, kuma an sami sinadarai masu haddasa kansa a cikin hayaƙin. Hill ya jera irin waɗannan ma'aunai guda tara a wata lacca a 1965, ya kuma ja kunne cewa ba ƙa'idoji ne da za a yi ta cikewa kamar fom ba.

Amsar da ta fi dacewa da mai karanta zane ita ce ta Jerome Cornfield da abokan aikinsa a 1959, domin ta mai da zancen abu na uku lissafi. Suka ce idan masu shan taba sun ninka marasa sha wajen kamuwa da cutar kamar sau tara, to duk wani ɓoyayyen abu da zai ɗauki alhakin hakan shi kaɗai, dole ya fi yawa a cikin masu shan taba fiye da sau tara. Ba a sami wani abu mai wannan girma ba. Ma'ana, bai isa mutum ya ce wataƙila akwai wani abu ba. Sai ya faɗi mene ne shi, sannan a duba ko ƙarfinsa ya kai.

Ana iya yi wa ɗalibanmu irin wannan awo. Tazarar da ke tsakanin gungun biyu a matsakaici maki 22 ce, 73 da 51, kuma bambancin matsayi tun kafin lesin yana iya kai wannan cikin sauƙi, don haka layin −3.71 bai jure tambayar ba ko kaɗan. Layin +2 kuwa, a cikin gungu ɗaya, tazarar da ke tsakanin mai ƙarancin awa da mai yawan awa maki 6 ce kacal. Bambancin naci tsakanin yara biyu yana iya kawo maki 6, kuma ɗigo huɗu sun yi kaɗan a kore sa'a. Da makarantar za ta ci gaba, sai ta rubuta makin kowane ɗalibi kafin a fara lesin, ta tara ɗalibai da yawa fiye da takwas, kuma a inda gurbin lesin bai isa masu nema ba, ta raba shi da ƙuri'a ta ajiye sunayen waɗanda ba su samu ba don a kwatanta a ƙarshen zango.